Sharhi: Sanar da mahalarta taro za a naɗi muryarsu ba shi ne neman yardarsu ba

Duk wanda ke halartar tarukan ƙarshen wata a Dutse Alhaji, cikin Ƙaramar Hukumar Bwari ta Babban Birnin Tarayya, ya saba da wannan yanayi. Da zarar an yi addu'ar buɗe taro, sai sakatare ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur, ya danna wani abu, ya gyara zama. Haka abin yake a ƙungiyoyin masu gidaje, da na 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatan gwamnati waɗanda tsadar haya ta cikin gari ta sa suka tare a wannan yanki da maƙwabciyarsa Kubwa.

Wani lokaci sakataren kan ce zai ɗauki sauti don kada ya manta da abin da aka tattauna. Wani lokacin kuma ko uffan ba ya cewa. Da wuya a sami wanda zai tambaye shi inda sautin zai kwana.

A da amsar ba ta da wuya: sautin yana cikin wayar sakatare, ya saurara a gida, ya rubuta rahoton taro. Yanzu kuwa akwai manhajoji masu mayar da magana rubutu cikin mintoci kaɗan, har su fitar da taƙaitaccen bayani da jerin shawarwarin da aka yanke. Da yawa daga cikinsu ba a kan wayar suke yin aikin ba. Suna tura sautin ne zuwa rumbunan kwamfuta na kamfanin da ya ƙera su, waɗanda galibi suke wajen Najeriya. Ke nan abin da mahalarta suka ɗauka aiki ɗaya ne ya zama uku: naɗar murya, miƙa ta ga wani kamfani, da kuma ajiye ta. Kowanne daga ciki yana da nasa hukuncin.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta tarho. Amma dokar da ta fi shafar sakataren ƙungiya kai tsaye ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023. Ita ce ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, wadda Dokta Vincent Olatunji ke jagoranta. A watan Maris na 2025 hukumar ta fitar da babban umarnin aiwatar da dokar, ya kuma fara aiki ranar 19 ga Satumbar 2025.

A wajen wannan doka, muryar mutumin da za a iya gane shi da kuma abin da ya faɗa game da kansa bayanansa ne. Naɗa, da adanawa, da turawa, da gogewa duk suna cikin abin da take kira sarrafa bayanai. Dokar ta keɓe abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na gidansa kawai, muddin bai keta sirrin wani ba. Sakataren da ke aiki da sunan ƙungiya ba zai iya fakewa da wannan rangwame ba, ko da da wayarsa ta kansa ya yi naɗin.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne sashe na 26, wanda ya fayyace yadda yarda take. A al'adarmu akan ce shiru ma amsa ce, kuma shugaban taro da ya ce "ko akwai mai ja?" bai ji motsi ba, ya ɗauka an amince. Dokar ba ta karɓi wannan ba. Ta bayyana ƙarara cewa yin shiru ko rashin motsawa ba yarda ba ne. Dole yarda ta kasance wani abu ne da mutum ya aikata da kansa, a rubuce ko da baki ko ta na'ura, bayan an nemi hakan daga gare shi da harshe mai sauƙi. Dole kuma a gaya masa tun kafin ya amince cewa yana da ikon janyewa. Idan aka yi jayayya daga baya, nauyin kawo hujjar cewa an yarda yana kan wanda ya karɓi bayanan, ba kan mai muryar ba.

Sanarwa kuwa wani wajibi ne daban, a sashe na 27. Kafin a karɓi bayanan mutum daga gare shi, sai an faɗa masa waye ke karɓa, da dalilin karɓar da madogararta a doka, da waɗanda za a bai wa, da tsawon lokacin da za a ajiye su, da haƙƙoƙinsa, har da ikon kai ƙara ga hukumar. Saboda haka sanarwa tilas ce a kowane hali, amma ita kaɗai ba ta zama yarda.

Sai dai a yi adalci: ba kowane naɗi ne yake buƙatar yarda ba. Sashe na 25 ya jera wasu madogarai, kamar cika yarjejeniya, ko sauke wajibin doka, ko halastacciyar buƙatar wanda ke sarrafa bayanan. Ƙungiyar da ta rubuta a tsarin mulkinta cewa ana naɗar babban taro don daidaita rahoto tana iya dogara da halastacciyar buƙata. Amma dokar ta gindaya sharaɗi: buƙatar ba ta halatta idan ta danne haƙƙin mai bayanan, ko kuma idan mutum ba zai yi tsammanin a sarrafa bayanansa ta wannan hanya ba. Memba yana tsammanin sakatare ya rubuta abin da ya faɗa. Shin yana tsammanin muryarsa ta isa rumbun wani kamfani a Amurka? A ganin mai wannan sharhi, a nan ne madogarar halastacciyar buƙata take yin rauni, kuma a nan ne ya kamata a nemi yarda ta musamman.

A ɗauki misali don abin ya fito fili. A ce wata ƙungiyar gama kai ce mai mambobi arba'in, tana zama ranar Lahadin ƙarshen wata a wani ajin makaranta a Dutse Alhaji. Mutum talatin da huɗu suna cikin ɗaki, shida kuma sun shigo ta Zoom saboda an yi musu sauyin wurin aiki zuwa wasu jihohi. Taron yana ɗaukar awa biyu. Batu na huɗu a jadawali shi ne waɗanda suka kasa biyan rance.

Sakatare ya buɗe kwamfutarsa ya danna naɗi. Mutum shidan da ke nesa sun ga sanarwa a fuskar na'urarsu cewa ana naɗar taron, tare da zaɓin ci gaba ko fita. Amma talatin da huɗun da ke zaune a ɗakin ba su ga komai ba, alhali makirufo ɗaya ne ke kwasar muryoyinsu duka. Manhajar ta sanar da na'urori, ba ta sanar da mutane ba. Su ma shidan, zaɓin da aka ba su na a zauna ko a fita ba cikakken zaɓi ba ne, tun da taron kuɗinsu ake yi, kuma wanda ya fita ya rasa ƙuri'arsa.

Da aka zo batu na huɗu, sai wani memba ya miƙe yana ba da uzuri. Ya ce maiɗakinsa ta yi wata uku tana jinya, ya ambaci cutar, ya faɗi abin da ya kashe a asibiti. Wani kuma, cikin zafin muhawara, ya danganta jinkirin biyan wasu da ɓangaren siyasar da suke. A cikin minti biyar sautin ya ɗauki bayanin lafiyar wata mata da ba ta ma halarci taron ba, da ra'ayin siyasar mutane da sunayensu.

Waɗannan suna cikin abin da dokar ta kira bayanai masu tsananin sirri, tare da addini, da ƙabila, da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago. Sashe na 30 ya tsaurara sharuɗɗan sarrafa su. Ya yi sassauci ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, irin na addini da na ilimi da na agaji da na ƙwadago, game da bayanan mambobinsu, amma bisa sharaɗin kada a fitar da bayanan waje ba tare da yarda bayyananniya ba. Matar da ke jinya ba memba ba ce, kuma babu wanda ya tambaye ta.

A rahoton taro na hannu, sakatare mai hankali zai rubuta cewa memba ya nemi ƙarin wata biyu saboda lalurar iyali, kuma an amince. Magana ta ƙare. Manhaja ba ta da wannan kunya. Tana rubuta kowace kalma, rubutu kuwa ya fi sauti saurin yawo. Ba kowa ne zai zauna ya saurari sautin awa biyu ba, amma kowa zai iya neman suna a cikin rubutu ya same shi nan take, ya yanko layi uku ya tura zauren WhatsApp. Magana zarar bunu ce tun asali, sai ga shi yanzu an yi mata ƙafafu.

Akwai kuma wata alama da ya kamata sakatare ya lura da ita. Idan manhaja ta raba masu magana da lamba, na ɗaya da na biyu, a cikin taro guda, wannan rarrabe muryoyi ne kawai. Amma idan aka sanya wa murya suna a taron Janairu, sai manhajar ta gane mutumin da kanta a taron Fabrairu, to ta ajiye siffar muryarsa ke nan. Dokar ta lissafa gane murya cikin bayanan halittar jiki, ajinsu ɗaya da zanen yatsa, kuma idan an yi amfani da su don tantance mutum sun shiga rukunin masu tsananin sirri.

Batun inda sautin yake tafiya ba ƙaramin abu ba ne. Sashe na 29 ya buƙaci rubutacciyar yarjejeniya tsakanin mai bayanai da duk wanda zai sarrafa su a madadinsa. Sashe na 41 zuwa 43 kuma sun hana fitar da bayanai daga Najeriya sai in akwai isasshiyar kariya a inda za su je, ko wani sharaɗi kamar yardar mutum bayan an sanar da shi haɗarin da ke ciki. A watan Yulin 2025 hukumar NDPC ta sanar da cin tarar kamfanin MultiChoice Nigeria fiye da naira miliyan 766, kuma fitar da bayanan 'yan Najeriya waje ba bisa ƙa'ida ba yana cikin laifukan da ta ambata. Ba a ce ƙaramar ƙungiya za ta gamu da irin wannan ba. Ga waɗanda ba manyan masu sarrafa bayanai ba, iyakar tarar ita ce naira miliyan biyu ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Amma miliyan biyu ma ta isa ta girgiza asusun ƙungiyar mutum arba'in.

A ƙasashen da kamfanonin suke ma ana ta ja-in-ja. A watan Agustan 2025 an shigar da ƙarar haɗin gwiwa a wata kotun tarayya a jihar Kalifoniya kan kamfanin Otter.ai, bisa zargin cewa manhajarsa tana shiga taruka tana naɗar mutanen da ba su da asusu da shi, ba tare da neman yardarsu ba, ana kuma amfani da maganganunsu wajen horar da na'urorinsa. Zargi ne da aka kai gaban kotu, ba hukunci ba. Shekara biyu kafin nan, a Agustan 2023, kamfanin Zoom ya gyara sharuɗɗansa bayan ƙorafin jama'a, ya bayyana cewa ba ya amfani da sauti ko bidiyo ko saƙonnin abokan hulɗarsa wajen horar da ƙirƙirarriyar basira. Abin lura shi ne yadda nauyin yake sauka. Kamfanoni sukan rubuta a sharuɗɗansu cewa wanda ya kunna manhajar shi ne zai nemi izinin sauran mahalarta. A misalinmu, wannan mutumin shi ne sakataren da ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba.

To yaya ya kamata taron ya gudana? Aikin yana farawa ne tun daga takardar gayyata, ba a bakin tebur ba. Cikin saƙon da ake turawa mako guda kafin zama, a ƙara 'yan layuka da Hausa da Turanci, ko duk harshen da mambobi ke ji, tun da Dutse Alhaji gari ne na Gbagyi da Hausawa da Ibo da Yarbawa da sauran al'ummu. A ce za a naɗi sauti don rubuta rahoto, a ambaci sunan manhajar da za a yi aiki da ita, a faɗi ko sautin zai fita daga wayar, da waɗanda za su iya sauraro, da ranar da za a goge. Wanda ya ji haka a gida yana da sararin tunani. Wanda aka tambaya a gaban shugaba da dattawa kuwa kunya ce za ta amsa masa.

Ranar taro, a ƙara gurbi biyu a rajistar halarta, kusa da wurin sa hannu: ɗaya na yarda da naɗi, ɗaya na yarda da tura sauti ga manhaja. A bar su fanko, kowa ya cike da hannunsa, domin dokar ba ta amince da zaɓin da aka riga aka cike wa mutum ba. Raba su biyu yana da amfani, saboda akwai wanda bai damu sakatare ya saurari muryarsa ba amma ba ya son ta bar ƙasar. Waɗanda ke nesa su rubuta amincewarsu a akwatin saƙo na taron, a adana. Sannan shugaba ya maimaita sanarwar da baki kafin a kunna na'ura, ya sake faɗin ta a farkon sautin. Masu zuwa a makare, waɗanda ba a rasa su a tarukanmu, su bi ta kan rajistar kafin su zauna.

Idan mutum uku suka ƙi fa? Nan ne ake gane ko da gaske ake neman yarda. In amsar ita ce su yi shiru ko su fita, to ba a nemi yarda ba, an dai sanar da umarni. Hanya mafi sauƙi ita ce a dakatar da naɗi duk lokacin da ɗayansu zai yi magana, sakatare ya koma ga biro da takarda. In hakan zai wahalar saboda muhawara ta kaure, a haƙura da na'urar a wannan batu gaba ɗaya. Batu na huɗu kuwa, na masu bashi, bai kamata a naɗe shi ba tun farko, ko da kowa ya yarda, domin a nan ne ake ambaton mutanen da ba sa wurin. Haka ma taron iyaye da malamai da za a kira ɗalibai su yi bayani: wanda bai kai shekara 18 ba, yardar iyayensa ko waliyyinsa ake nema.

Sakatare zai iya gwada manhajarsa da kansa. Ya kashe data da Wi-Fi, ya naɗi maganar minti ɗaya, ya ga ko za ta rubuta. In ta ƙi sai an kunna intanet, to a waje ake aikin. In ta rubuta, alama ce cewa a kan wayar take yi, ko da yake sai ya duba saitunanta ya tabbatar ba ta ɗora kwafi daga baya idan intanet ya dawo. Ya kuma nemi wurin da ake kashe amfani da sauti don inganta manhajar, da wurin da ke ba ta damar shiga duk taron da ke kalandarsa ko tura rubutu ga mahalarta kai tsaye ba tare da an umarce ta ba.

Akwai wani ɓangare da ma'abota aikin fassara suka fi kowa saninsa. Waɗannan manhajoji sun fi ƙwarewa a Turanci, kuma taron Abuja ba ya tsayawa a harshe ɗaya. Jimla guda kan fara da Turanci, ta ratsa ta Hausa, ta ƙare da Turancin buroka. A Hausa, "ba" ta farko da ta ƙarshe su ne ke mayar da "na yarda" ta zama "ban yarda ba", kuma gajerun gaɓoɓi irin waɗannan ne hayaniyar janareta ke haɗiyewa. Ba mu kaɗai ke fama ba. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ruwaito cewa masu bincike sun gano Whisper, manhajar rubuta magana ta kamfanin OpenAI, takan ƙirƙiro jimlolin da babu wanda ya faɗe su.

Don haka rubutun na'ura daftari ne, ba rahoton taro ba. Dokar ta wajabta a tabbatar bayanai daidai suke, ta kuma bai wa mutum ikon neman a gyara abin da aka jingina masa bisa kuskure. Kada a raba daftarin ga mambobi kafin a gwada shi da sautin, musamman inda aka ambaci kuɗi, da sunaye, da wanda ya goyi baya ko ya ƙi.

Wasu sakatarori kan ce suna ajiye sautin ne don gudun musu, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, sashe na 14 kuma ya bar wa kotu damar karɓar shaidar da aka samo ba ta hanyar da ta dace ba, sai in illar karɓar ta ta fi amfaninta. Amma karɓuwar sauti a kotu ba ta wanke wanda ya naɗe shi a ɓoye daga tuhumar keta sirri. Kuma wannan ya ƙara nuna dalilin da ya sa dole a gaya wa mutane tun farko: abin da suka faɗa cikin raha yana iya zama shaida a kansu.

Lokacin da ya fi dacewa a goge shi ne bayan an karanta rahoton a taro na gaba an amince da shi, sai fa in akwai takaddamar da ba a warware ba, wadda ita ma a rubuta dalilin ci gaba da ajiyewa. Gogewar ma sai an bi ta wuri-wuri: cikin wayar, da asusun manhajar har da kwandon shararta, da kwafin da wayar ke ɗorawa kanta a Google Drive ko iCloud, da wanda aka tura wa shugaba ta WhatsApp. Memban da ya janye yardarsa bayan taro ba zai soke abin da aka riga aka yi bisa ƙa'ida ba, kuma ƙuri'ar da ya kaɗa tana nan a rahoto, amma daga ranar ba za a ci gaba da riƙe muryarsa bisa wannan yardar ba. Idan kuma aka yi zaɓe sakatare ya sauka, takardar miƙa aiki ta haɗa da asusun manhajar da duk sautin da ya rage a wayarsa.